Tsayayyar Tambaya da Amsarta a Jarrabawar Baka

A jami'o'inmu, ɗalibin da ya rubuta kundin digiri na biyu ko na uku ba ya samun shaidar kammalawa sai ya zauna gaban kwamiti ya kare abin da ya rubuta da bakinsa. Kwamitin yakan ƙunshi mai jarrabawa na waje, watau wani masani da aka gayyato daga wata jami'a, da mai jarrabawa na cikin gida, da malamin da ya duba aikin, da shugaban sashe, da kuma wakilin makarantar manyan digirori. Masu jarrabawan nan sun riga sun karanta kundin tun kafin ranar, sun yi masa zane-zane a gefen shafi. Saboda haka ba su zo don a karanta musu shi ba. Abin da suke so su gani shi ne, ko wanda ke zaune gabansu shi ne mai aikin, kuma ko ya san inda hujjarsa ta tsaya.

Tambayoyin da akan yi a irin wannan zama iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗiyar tambaya, kamar a ce wa ɗalibi, "Taƙaita mana abin da ka gano." Wannan fili ne aka ba shi, yana iya yin minti biyar ko goma yana bayani. Akwai kuma wadda za mu kira tsayayyar tambaya, watau wadda ke neman abu guda sananne: mutum nawa, a wane gari, wanne ya riga wani, me ya sa. A kan wannan ta biyu maƙalar nan za ta tsaya, domin a nan ne ɗalibai da yawa, har da masu ƙoƙarin cikinsu, suke yin tuntuɓe. A tambaye su abu guda, sai su ɗauko zance tun daga tushe, su yi ta kewaye-kewaye har mai tambaya ya gaji ya katse su, amsar kuwa ba ta fito ba.

Abin da nahawu ya tanada

Abin mamaki shi ne, shi kansa ginin jimlar Hausa ya riga ya koya wa kowane Bahaushe yadda ake amsa irin wannan tambaya. Kalmomin tambaya, watau "wa", "me", "ina", "yaushe", "nawa", "wanne" da 'yan'uwansu, kowaccensu gurbi ce da aka bari a buɗe cikin jimla. Mai tambaya ya san sauran zancen duka, abin da ke cikin gurbin nan kaɗai ya rasa. Dubi waɗannan misalai:

(1) Su wa suka zo?
(2) Ɗalibai ne suka zo.
(3) Ɗalibai sun zo.

Jimla ta (3) ba ta da aibu a nahawu, amma duk mai jin Hausa ya san ba ita ce amsar (1) ba. Labari ce sabuwa, irin wadda mutum zai leƙo ofis ya faɗa ba tare da an tambaye shi ba. Amsar (1) ita ce (2), inda aka sa abin da ake nema a farko, aka kafe shi da dirka "ne", sa'an nan aikatau ya ɗauki shuɗaɗɗen lokaci na biyu, "suka", kamar dai yadda ya ɗauka a cikin tambayar. A maganar yau da kullum ma ba a kai wa ga ƙarasa jimlar. "Ɗalibai ne" ya isa, domin sauran maimaici ne. Idan abin da ake tambaya karɓau ne, akwai ɗan sassauci: wanda aka ce wa "Me suka sayo?" yana iya cewa "Gero suka sayo", yana kuma iya cewa "Sun sayo gero". To amma ko a nan ɗin, kalmar da ta cike gurbi tana cikin jimlar farko, ba a jinkirta ta zuwa ta biyar ba.

Daga nan za mu iya fitar da ma'auni mai sauƙi wanda ɗalibi zai gwada kansa da shi. Ya ɗauki abin da ya fara fitowa daga bakinsa, ya sa shi a gurbin kalmar tambaya, ya ga ko ya zauna. In an ce "nawa", lalle farkon amsa ya zama adadi. In an ce "ina", wuri. In an ce "wanne", ɗaya daga cikin abubuwan da aka jera. In an ce "me ya sa", jimlar da za ta iya farawa da "domin". Duk abin da bai zauna a gurbin ba, ko da gaskiya ne, ko da yana cikin kundin, amsar wata tambaya ce dabam wadda ba a yi ba tukuna.

Masanin falsafar harshe H. P. Grice, a laccocin da ya yi a Harvard a 1967, waɗanda aka buga sashensu a 1975, ya zayyana ƙa'idoji huɗu da masu zance ke sa ran juna za su kiyaye: a faɗi gwargwadon abin da ake bukata ba ƙari ba ragi, a faɗi abin da ake da hujjarsa, a tsaya kan batu, a kuma faɗe shi sarai. Amfanin wannan nazari a gare mu shi ne abin da ya nuna game da mai saurare. Idan mai magana ya saɓa wa ɗaya daga cikin ƙa'idojin, mai saurare ba ya ɗaukar abin a banza, sai ya nemi dalili. Dalilin da mai jarrabawa zai fi saurin kawowa a ransa, in ya tambayi adadi aka ba shi tarihi, shi ne ɗalibin bai san adadin ba, yana kame-kame ne. Ta haka wanda ya sani yakan jawo wa kansa zargin rashin sani.

To, in har harshe ya tanadi wannan, me ke fizge ɗalibi daga kansa? A ganina abubuwa uku ne, kuma babu na banza a cikinsu. Na farko tarbiyya. Bahaushe ba ya faɗa wa babba magana gatsau. Sai an gaisa, an yi shimfiɗa, an kewayo, sa'an nan a sauka kan bukata. A. H. M. Kirk-Greene, a ɗan littafinsa Mutumin Kirki na 1974, ya lissafa kunya da ladabi cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su. Yaron da ya tashi a haka, in ya ga kansa gaban shehunan malamai, nauyi yake ji ya ce "goma sha takwas" ya ja bakinsa ya yi shiru, sai ya ga kamar ya yi tsaurin ido. Na biyu hadda. Wanda ya saba da tilawa ya san cewa gwaninta ita ce a ɗauko daga farko a zarce ba tsayawa, kuma in aka tsinke a tsakiya sai an koma baya. Ɗalibin da ya haddace babin kundinsa haka yake yi: da ya ji kalmar da ta yi kama da kan wani babi, sai ya kama babin daga layin farko. Na uku kuwa rubutacciyar jarrabawa, wadda tun daga sakandare ta koya mana gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa, aka kuma saba ganin mai cika takarda yana samun maki. A takarda mai dubawa yana iya tsallake shimfiɗa ya nemo amsa a sakin layi na uku. A baki ba ya iyawa, dole ya zauna ya ji duka.

Ba kuwa za a ce gajeriyar amsa baƙuwa ce a al'adarmu ba. Yaran da ke kacici-kacici da dare, in aka ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", kalma guda ake jira, "tsintsiya", wanda ya tsaya bayani kuwa ya ba da gari. Ladabin da ake bukata a ɗakin jarrabawa "Allah ya gafarta Malam" ya ɗauke shi, kuma ko shi ba sai an maimaita a kan kowace tambaya ba.

Misali daga nazarin karin harshe

Bari mu ƙaddara wani ɗalibi ya rubuta kundi a kan tsarin sautin Sakkwatanci, ya tattara bayanansa a Wurno da Gwadabawa. Mai jarrabawa na waje ya buɗe wani shafi, ya ce: "A Sakkwato ana cewa sabka, a Kano ana cewa sauka. Wanne ya riga wani?"

Ga irin amsar da aka saba ji:

"Allah ya gafarta Malam, na gode da wannan tambaya mai muhimmanci. Kamar yadda aka sani, Hausa tana da kare-kare da yawa. Masana sun kasa su gida biyu, na gabas da na yamma, ko da yake wasu sun ce sun fi haka. Shi Sakkwatanci, kamar yadda na nuna a babi na biyu, shi ne Hausa ta asali, domin bai cuɗanya da wasu harsuna kamar Kananci ba. Klingenheben ya yi magana a kan wannan, haka ma Bargery a ƙamusunsa. Saboda haka za mu iya cewa lalle akwai bambanci tsakanin sabka da sauka."

Jimla shida ke nan, kuma babu ko ɗaya da ta zauna a gurbin "wanne". Ta ƙarshe ma mayar wa mai tambaya da abin da ya faɗa ne da kansa. Amma ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma kowace jimla ta ƙari ƙofa ce da ɗalibin ya buɗe wa mai jarrabawa da hannunsa. Ya ce "wasu sun ce sun fi haka": su wa, a wane aiki? Ya ambaci ƙamusun Bargery na 1934: me Bargery ya ce a kan wannan kalma? In bai duba ba, sunan kawai ya jefa don ado, yanzu asirinsa zai tonu. Mafi muni, ya ce Sakkwatanci shi ne Hausa ta asali kuma bai cuɗanya da kowa ba. Wannan kuskure ne biyu a numfashi ɗaya. Ƙasar Sakkwato tana zaune da Fulani da Zabarmawa da Azbinawa tun da daɗewa. Sa'an nan babu karin da ya tsaya cik bai sauya ba. A yamma ana jin "falke", a Kano "farke", jam'in kuwa "fatake", wanda ke nuna cewa baƙin asali "t" ne, kuma dukan karuruwan biyu na harshen sun sauya shi, kowanne ta hanyarsa. Ɗalibin da aka tambaya abin da ya sani, ya kai kansa inda bai sani ba, ba wanda ya tura shi.

Ga kuma amsar da ta dace:

"Sabka ne ya riga, Malam. A kalmomi irin wannan, baƙin leɓe da ya zo ƙarshen gaɓa ya raunana ya koma u a karin gabas, a yamma kuwa ya tsaya yadda yake. Haka abduga da auduga, da sabro da sauro."

Jimla uku: amsa, dalili, misali. Daga nan sai ya yi shiru. A lura da abin da ya bari bai faɗa ba. Bai ambaci sunan August Klingenheben ba, Bajamushen da ya fara tsara waɗannan sauye-sauye na ƙarshen gaɓa a wata maƙala da ta fito a 1927 zuwa 1928, har ake kiran su da dokarsa. Bai kuma kawo sauran sassan dokar ba. Ya san su, amma ya ajiye su don tambaya ta gaba. Wannan ita ce ribar taƙaitawa da ɗalibai ba su cika lura da ita ba: gajeriyar amsa takan jawo tambayar da ke biye da ita a kan hanya guda, watau a cikin gonar da ɗalibin ya nome. Doguwa kuwa takan watsa tambayoyi ko'ina.

Tambayar da kowane masani zai biyo da ita ita ce: "Ta yaya ka san ba sauka ne ya koma sabka ba?" Wannan ita ce ainihin jarrabawar, domin a nan ake rarrabe wanda ya fahimta da wanda ya kwafo. Kalmar tambaya "ta yaya" hanya take nema, watau hujja. Amsa:

"Ta hanya biyu. Na ɗaya, Kananci kansa ya riƙe tsohon baƙin a inda wasali ya biyo shi: muna cewa aure amma amarya, muna cewa zauna amma zama. Na biyu, in da u ne na asali, ba za mu iya faɗin dalilin da ya sa ya zama b a sabka amma ya zama m a zamna ba. Sautuka biyu su narke su zama ɗaya, wannan sananne ne. Ɗaya ya rabu biyu ba tare da wani sharaɗi ba, wannan ba shi da madafa."

Wannan ta fi ta farko tsawo, kuma daidai ne ta fi ta, domin tambayar ta fi faɗi. Taƙaitawa ba ta da mudu guda da ake auna kowace amsa da shi. Abin lura a nan shi ne buɗewar da ya yi da "ta hanya biyu". Ya faɗa wa mai saurare yawan abin da ke tafe, ya kuma ɗaure kansa. In ya gama na biyu, shi da kwamiti duk sun san an zo ƙarshe, ba shi da hanyar zarcewa.

Yanzu sai mu duba wata 'yar magana da ta wuce a amsar farko, watau "a kalmomi irin wannan". Mai karatu zai iya ɗauka cikon baki ce. A gaskiya ita ce ta tsare amsar daga zama ƙarya. Da ya ce "duk baƙin leɓe na ƙarshen gaɓa ya koma u a Kano", da mai jarrabawa ya tare shi da "tambaya" da "gamsu", inda "m" ke zaune daram a ƙarshen gaɓa, ko da "tsabta", wadda Bakano bai mayar "tsauta" ba. Shi "m" a gaban "n" ko "r" ne ya yi wannan sauyi, kamar a "zamna" da "amre". Haɗarin gajeriyar amsa ke nan: garin yanke ƙari sai a yanke togaciya, magana ta fi hujjarta faɗi. Maganinsa kuma ba a koma wa dogon turanci ba ne. Kalma biyu ko uku sun isa, irin su "galibi", "a bayanan da na tattara", "a waɗannan garuruwa biyu". Amma a sa togaciya guda a inda take da aiki. Wanda ya jera "mai yiwuwa" da "wataƙila" da "kamar dai" da "a iya cewa" a jimla ɗaya bai tsare komai ba, ya dai nuna yana tsoro.

Akwai kuma gajartar da ta zama rowa. Da an ce masa "Me ya sa Kanawa ke cewa Audu a maimakon Abdu?" ya ce "Dokar Klingenheben ce" ya tsaya, da bai amsa ba. Ya ba abin suna ne kawai, suna kuwa ba bayani ba ne. Mai jarrabawa zai ce, "To, me dokar ta ce?", kuma zai faɗe shi da ɗan ƙosawa. Sunan masani ko na ka'ida yana zuwa ne bayan an faɗi abin da ya faru, a matsayin shaida, in ma ana bukatarsa.

Tambaya mai tarko, da tambaya mai korewa

Wani lokaci mai jarrabawa yakan cusa wani zato a cikin tambayarsa, ko da gangan ko bisa kuskure. Alal misali ya ce: "Tun da dokar nan ba ta taɓa Sakkwatanci ba, me ya kawo ta cikin kundinka?" A nan ma'aunin gurbi da muka kawo a baya ba ya aiki kai tsaye, domin in ɗalibi ya fara da "domin", ya amince da zaton ke nan. Farkon amsa shi ne gyara zaton, a taƙaice, cikin ladabi:

"Allah ya gafarta Malam, sashen leɓe ne bai taɓa shi ba. Sashen hanɗa ya taɓa shi: a Sakkwato ma Buzu ake cewa, jam'i Bugaje, watau g na ƙarshen gaɓa ya narke a tilo. Don in nuna wannan rabuwa na kawo ta."

Kunya takan hana ɗalibi yin haka. Yana ganin kamar ya ƙaryata babba ne a gaban jama'a, sai ya zaɓi ya yi ta zagaye, bai amince ba bai musa ba. Wannan inda-inda ta fi kowace amsa muni a idon kwamiti. A sani cewa masu jarrabawa da yawa suna jefa irin wannan tambaya ne musamman don su ga ko ɗalibi zai tsaya kan abin da ya rubuta. In ma kuskure malamin ya yi, misali guda da aka kawo a hankali ya isa ya gyara shi ba tare da an zubar masa da girma ba. Abin da ke zubar da girma shi ne a ci gaba da jero misalai bayan ya riga ya gyaɗa kai.

Tambaya mai korewa kuwa matsalarta ta harshe ce zalla. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka je Illela ba ke nan?", ya ce "I", nufinsa haka ne, bai je ba. Watau yana gaskata maganar mai tambaya ne. A Ingilishi kuwa wanda bai je ba da kalmar korewa yake amsawa. Ɗalibanmu da malamansu duk suna rayuwa tsakanin harsunan biyu, kuma sau da yawa da Ingilishi ake yin zaman, saboda haka kalma guda tilo a nan tana iya haifar da ruɗani, mai tambaya ya fahimci akasin abin da aka nufa, ya rubuta shi a rahotonsa. Nan ne wuri guda da amsa mai kalma ɗaya ba ta isa ba ko kusa. A cika ta da jimla: "I, ban je Illela ba. A Wurno da Gwadabawa na tsaya."

Tsayawa

Na lura cewa yawancin masu zuba ba a farkon amsa suke ɓata ba, a ƙarshenta ne. Sukan ba da amsa daidai a jimla biyu, sa'an nan ɗakin ya yi tsit, sai shirun ya tsorata su, su ɗauka amsar ba ta gamsar ba, su shiga ƙari. Alhali shirun nan na mai jarrabawa ne. Yana rubuta abin da ya ji, ko yana neman shafin tambayarsa ta gaba. Daƙiƙa biyar na shiru a kujerar ɗalibi kamar minti guda suke, amma ba bashi ba ne da aka ɗora masa ya biya. Ya sauke muryarsa a ƙarshen jimla yadda kowa zai ji an kai aya, ya dubi mai tambaya, ya jira. In ana son ƙari za a nema. In shi ne yake ganin akwai abin da ya cancanci ƙari, sai ya tambaya: "In kawo sauran misalan?"

Akwai alamomin da mutum zai gane da su cewa ya saki hanya. Daga bakinsa: in ya ji kansa yana cewa "kamar yadda na faɗa ɗazu", ko "sa'an nan kuma" karo na uku, ko ya tarar ya manta da lafazin tambayar. Daga kwamiti: in mai tambaya ya ajiye alƙalami, ko ya soma juya shafuka, ko ya maimaita tambayarsa kalma da kalma ba tare da ya sauya komai ba. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi bayyana, ma'anarta ba a amsa ba. Wanda ya ga haka kada ya nemi ƙarasa jimlar da yake ciki don ya fita kunya. Ya yanke, ya ce, "A taƙaice, Malam, sabka ne ya riga." Kwamiti yakan yafe minti guda da aka ɓata in amsa ta zo daga baya.

Saura batun abin da ba a sani ba, wanda shi ne babbar mahaifar surutu. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma malamanmu na zaure suna kawo wannan labari don yabo. Amma a ɗakin jarrabawa "ban sani ba" kashi-kashi ce, kowane kashi da yadda ake faɗinsa. In tambayar ce ba a gane ba, sai a nemi a maimaita, ko a mayar da ita da kalmomin kai: "Watau Malam yana tambaya ne ko sauyin ya shafi kalmomin aro?" Wannan ya fi a amsa tambayar da aka zata. In kuwa abin yana wajen iyakar binciken ne, sai a faɗi iyakar. A ce an tambayi ɗalibinmu, "Haka abin yake a Hausar Adar?" Sai ya ce:

"Ban bincika Adar ba, Malam, aikina bai ƙetare iyaka ba. In zato ake so, ina sa ran za a sami baƙin leɓen a can ma, tun da Adaranci karin yamma ne. Amma zato ne, ba ni da bayanan da zan kafa hujja da su."

Ya raba abin da ya gani da abin da yake hasashe, kuma mai jarrabawa ya ga yadda yake tunani a inda littafi ya ƙare. In kuma abu ne da ya kamata ya sani, kamar wani aiki da aka buga a kan batunsa bai gani ba, misali littafin da Paul Newman ya fitar a 2004 a kan wannan doka ta Klingenheben, to babu dabarar da ta wuce ya ce bai gan shi ba, ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan a gaban kwamiti. Ƙarshen abin dai a sa shi cikin gyare-gyaren da zai yi kafin a ɗaure kundin. Wanda ya ce ya karanta alhali bai karanta ba, tambaya guda ce tsakaninsa da a soma shakkar sauran madogaran da ya jera a bayan kundin.

Duk wannan ba ya samuwa ranar jarrabawa sai an yi atisaye, kuma atisayen ba sake karanta kundi ba ne, domin karatu hadda yake ƙarawa. Ɗalibi ya ba wani abokin karatunsa kundin, ya buɗe duk shafin da ya ga dama, ya yi masa tsayayyun tambayoyi kamar ashirin: mutum nawa ka yi hira da su, shekarunsu nawa, wa ya fara faɗin wannan, me ya sa ka zaɓi Wurno ka bar Tambuwal. A ɗauki zaman da wayar hannu. Daga baya ya saurara da takarda a gabansa, a kan kowace tambaya ya rubuta lamba biyu: jimla nawa ya yi kafin amsar ta fito, jimla nawa kuma ya ƙara bayan ya gama dalili da misali. Tambayoyin da lambar farko ta yi yawa a kansu, a koma a duba su da kyau, domin galibi nan ne wuraren da shi kansa bai yanke shawara a kan abin da ya gano ba, kuma gyaransu a cikin kundin yake. Waɗanda lamba ta biyu ta yi yawa a kansu kuwa ya san su sarai, tsayawa ce kawai bai iya ba, sai a sake yi masa su, abokin ya riƙa yin shiru na daƙiƙa goma bayan kowace amsa yana kallon takarda.